Yadda ake tantance kamfanonin da za a tallata wa haja da gano masu wuƙa da nama a cikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon jami'in talla ne a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke yin buhuna masu tambari, irin waɗanda ake zuba shinkafa da abincin kaji. Maigidana ya ce in haɗa jerin kamfanonin da za mu nema da ciniki. Na tattara sunaye masu yawa a intanet, na kai wasiƙu, amma duk a wurin masu gadi suke maƙalewa. Ta yaya zan san kamfanin da ya dace da mu, kuma wa zan nema a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce ka ajiye wasiƙun nan tukuna, domin wasiƙar da aka rubuta wa "Manajan Darakta" ba tare da suna ba, aka kai ta kamfanin da ba ka san yawan buhun da yake ci a wata ba, ko da ta wuce mai gadi babu wanda zai ji cewa alhakinsa ne ya amsa ta. Aikin da ke gabanka kashi biyu ne, kuma na farkon shi ne yake sauƙaƙa na biyun: ka rage sunayen zuwa waɗanda lissafi ya nuna cewa za su iya saye a hannunku ku kuma ku iya wadatar da su, sannan a cikin kowane ɗaya ka gano mutanen da maganar buhu take bi ta hannunsu. Zan yi bayanin da kamfanonin sarrafa shinkafa, domin su ne suka fi yawa a kewayenka, amma hanyar ɗaya ce ga masu abincin kaji da masu fulawar masara.

Kafin ka dubi kowane kamfani na waje, ka zauna da manajan masana'antarku ka samo amsar tambayoyi uku: buhu nawa injinanku suke fitarwa a wata idan ana aiki yadda aka saba, mene ne mafi ƙarancin oda da kuke karɓa ga buhu mai tambari, kuma kwana nawa za ku iya jure bashi kafin kuɗin sayen kayan aiki ya yanke muku. Waɗannan alƙaluma uku su ne ma'aunin da za ka auna kowa da shi. Mu ɗauka, domin misali kawai, cewa kuna fitar da buhu 100,000 a wata, ba ku karɓar odar da ta gaza buhu 10,000 saboda kuɗin shirya inji da zanen tambari, kuma ba za ku iya jiran kuɗi fiye da kwana 30 ba.

Yanzu sai lissafin ɓangaren mai saye, wanda yake da sauƙi ƙwarai. Tan ɗaya na shinkafa buhu 20 ne mai kilo 50, kuma tirela mai ɗaukar tan 30 buhu 600 take lodawa. Kamfanin da yake loda tirela biyar a rana yana cin buhu 3,000 kullum, wato 75,000 a kwana 25 na aiki. Wannan a ido babban kamu ne, amma da ma'aunin da muka ɗauka hatsari ne, domin shi kaɗai zai cinye kashi uku cikin huɗu na abin da kuke fitarwa, zai matse ku a farashi saboda ya san ba ku da mafita, kuma ranar da ya jinkirta biya na wata biyu albashin ma'aikatanku ya tsaya. Ban da haka, wasu manyan rukunonin kamfanoni suna da masana'antar buhu tasu ta kansu, kamar yadda rukunin Flour Mills yake da Bagco, don haka neman su ɓata lokaci ne tun daga tushe. A ɗaya gefen kuma akwai mai injin casa da yake fitar da tan biyu a rana, wato buhu 40, wanda odarku mafi ƙanƙanta za ta kai shi wata goma kafin ya ƙarar. Wannan ba zai daskarar da jarinsa a buhu ba, kasuwa zai shiga ya sayi dami ɗaya ko biyu duk lokacin da ya buƙata, kuma idan kuna son kuɗinsa to ta hannun dillalin buhu za ku same shi.

Waɗanda suka dace da ku su ne na tsakiya, masu loda tirela ɗaya a rana ko uku zuwa huɗu a mako, waɗanda buƙatarsu take tsakanin buhu 7,000 da 15,000 a wata. Kamfanoni tara ko goma irin waɗannan sun isa su cika injinanku, kuma idan ɗaya ya tafi ba za ku durƙushe ba. Wannan lissafin ne zai sa ka iya yi wa maigidanka bayanin dalilin da jerin kamfanoni talatin da aka tantance ya fi jerin ɗari biyu da aka kwaso a intanet. A ganina talatin zuwa arba'in shi ne iyakar abin da mutum ɗaya zai iya bibiya da gaske, ya san halin da kowanne yake ciki, ya kuma tuna abin da aka faɗa masa a ziyarar baya.

Game da inda za ka samo sunayen, wurin da na fi amincewa da shi a wannan sana'a shi ne kasuwa, domin buhun da kake son maye gurbinsa yana jibge a can da sunan mai shi a jikinsa. Ka shiga kasuwar Singa da Dawanau da manyan shagunan kayan masarufi, ka duba buhunan shinkafar gida ɗaya bayan ɗaya. A jikin mafi yawansu za ka ga sunan kamfanin da ya sarrafa, da adireshin masana'anta, da lambar rajistar NAFDAC, sau da yawa har da lambar waya. Ka taɓa buhun ka ga ko saƙa ce zalla da aka buga wa tambari kala biyu, ko kuwa mai sheƙi ne da aka lulluɓe da leda mai hoto, ka duba ɗinkin gindinsa, ka tambayi mai shago wane tambari ne ya fi tafiya da kuma wanne ne buhunsa yake yawan fashewa wajen sauke kaya. 'Yan dako sun fi kowa sanin wannan amsa ta ƙarshe. Kamfanin da ake ƙorafi da buhunsa ya kamata ya hau saman jerinka, saboda yana da ciwon da kai kake sayar da maganinsa.

Bayan kasuwa sai ƙungiyoyi. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, wato MAN, tana da rassa a Kano, akwai cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta KACCIMA wadda take shirya bajekolin ƙasa da ƙasa na Kano a ƙarshen shekara, akwai kuma ƙungiyar masu sarrafa shinkafa ta RIPAN. Jerin mambobinsu da jerin waɗanda suka kama rumfa a bajekoli suna ba da sunaye masu kyau, sai dai suna da aibi guda: sunan kamfani yakan daɗe a takarda bayan injinsa ya daina juyawa. Haka ma taswirar Google Maps, wadda za ta nuna maka masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Chalawa da Tokarawa da Kwanar Dawaki da kan hanyar Kura, amma ba za ta gaya maka wanda yake aiki da wanda ya rufe ba.

Saboda haka kada ka ɗauki kowane suna a matsayin tabbatacce sai ka je ƙofarsa. Ba shiga za ka yi ba a wannan zuwan, kallo za ka yi. Masana'antar shinkafa mai aiki ba ta ɓuya: za ka ga motocin shanshera sun yi layi suna jiran hawa sikeli, za ka ga hayaƙin tukunyar turara shinkafa yana tashi, za ka ga ɓuntu sabo a jibge da masu sayen dusa suna kai da komo, za ka ga mai shayi da mai abinci sun kafa a bakin ƙofa saboda akwai leburori. Idan ka tarar da ciyawa ta fito a inda tayoyin tirela ya kamata su murje, ka soke sunan ko ka mayar da shi jerin jira. Ka zauna wurin mai shayin nan, ka sayi naka, ka tambayi direbobi mota nawa ake lodawa a rana da kuma ko ana aikin dare. Amsarsu ta fi abin da kamfani yake rubutawa game da kansa inganci, domin kamfanoni suna ambaton ƙarfin injin da suka kafa ne, ba abin da suke fitarwa ba. Injin da aka ce yana cin tan huɗu na shanshera a awa, idan ya yi awa 16, ya ci tan 64, kuma da yake abin da ake samu bayan casa yana kusa da kashi 60 cikin ɗari, zai ba da wajen tan 38, wato buhu 760 da ɗoriya. Amma ƙarancin shanshera da matsalar wuta da tsadar dizal sukan sa injin ya yi rabin wannan ko ƙasa da haka, musamman a watannin da suka yi nisa da girbin damina da na rani. Don haka ka rubuta ranar da ka yi ƙiyasinka, domin adadin da ka gani a watan Disamba ba shi za ka gani a watan Agusta ba.

Duk wannan ka zuba shi a jadawali guda, ko a Excel ko a littafi mai layi, kowane kamfani da layinsa. Abin da ya wajaba ya kasance a ciki shi ne sunan rajista da sunan tambari, domin sau da yawa sun bambanta, da wurin masana'anta, da ƙiyasin buhu a wata tare da inda ka samo shi, da nau'in buhu da girmansa, da wanda yake kawo musu a yanzu, da sunayen mutanen ciki, da mataki na gaba da ranarsa. Layin da babu mataki na gaba a cikinsa mataccen layi ne. Daga nan ka raba su gida uku: goma da suka fi dacewa, waɗanda za ka ba mafi yawan lokacinka, da wasu goma sha biyar da za ka riƙa leƙawa, da sauran da kake jiran wani abu ya canza a wurinsu.

Yanzu mu shiga cikin kamfanin. Kuskuren da sababbin 'yan talla suka fi yi shi ne neman mutum ɗaya da ake kira mai yanke hukunci, alhali a sayen kaya irin buhu, wanda ake maimaitawa kowane wata, hukuncin a rarrabe yake. Akwai wanda yake jin zafin mugun buhu, wato manajan masana'anta da shugaban sashen ɗinki da lodi, waɗanda su ne ake tasa wa faɗa idan buhu ya yage a kan mota ko allurar ɗinki ta riƙa tsinka bakinsa. Akwai mai kula da sito, wanda ya san saura dami nawa da ranar da za a nemi ƙari, kuma shi ne yake rubuta takardar buƙata. Akwai jami'in saye, wanda yake tattara farashi daga masu kawo kaya ya fitar da takardar oda da ake kira LPO. Akwai akanta, wanda ba ya zaɓen mai kawo kaya amma yana iya kashe ciniki da cewa sharaɗin biyanku bai yi musu ba, kuma shi ne zai yanke ranar da za ku ga kuɗinku. A ƙarshe akwai mai sa hannu. Kowane ɗaya daga cikin huɗun farko yana iya cewa a'a, amma ba lallai ne ya iya cewa e ba, kuma aikinka shi ne ka san wane ne wane kafin ka buɗe baki da farashi.

Yadda ikon yake rabuwa ya danganta da irin kamfanin, kuma a nan ne sanin gari yake da amfani. A kamfanin gida, wanda wani Alhaji ya kafa da dukiyarsa, muƙamin da ke kan kati ba ya nuna iko sosai. Za ka iya samun jami'in saye da ofishinsa da hatiminsa, amma duk odar da ta wuce wani adadi sai an kira Alhaji, ko ɗansa da ya dawo daga karatu aka ba shi darakta, ko wani amintaccen yaronsa da ya shekara ashirin tare da shi kuma ba shi da wani muƙami a rubuce. A kamfanin da baƙi suke gudanarwa, Indiyawa ko Lebanawa ko 'yan Sin, galibi manajan masana'anta ko mai kula da kuɗi shi ne yake da ta cewa, kuma sun fi son ganin samfur da alƙaluma a kan doguwar gaisuwa. A reshen babban rukuni kuwa, mai yiwuwa ne babu wanda yake da ikon zaɓen mai kawo buhu a Kano gaba ɗaya, domin hedikwata a Legas ko Abuja ce take rajistar masu kawo kaya ta kuma ƙulla kwangilar shekara. Tambaya ɗaya ga mai kula da sito za ta fayyace maka wannan: "Takardar odar buhu a nan ake rubuta ta, ko daga hedikwata take zuwa?"

Domin samun sunayen masu kamfani, ka fara da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Binciken da take ba jama'a kyauta a shafinta yana nuna cikakken suna da lambar rajista da matsayin kamfani. Lambar da ta fara da RC ta kamfani ce mai daraktoci, wadda ta fara da BN kuwa sunan kasuwanci ne kawai, wanda a mafi yawan lokuta yake nufin mutum ɗaya ne ko 'yan ƙalilan suke da shi, kuma mai shi ne mai hukunci kai tsaye. Idan ka ga an rubuta cewa kamfani ba ya aiki, kada ka yi saurin soke shi, domin sau da yawa abin da hakan yake nufi shi ne bai miƙa rahoton shekara ba, ko da yake wannan ma abin lura ne ga wanda zai ba da kaya bashi. Da kuɗi kaɗan ana iya neman rahoton matsayin kamfani, wanda yake ɗauke da sunayen daraktoci da masu hannun jari, kuma tun bayan dokar kamfanoni ta 2020 an wajabta bayyana mutanen da suke da iko mai ƙarfi a kan kamfani. Na ga ya dace ka kashe wannan kuɗin a kan goman farko kawai. Iyakar wannan hanya ita ce takardar tana nuna masu mallaka ne, ba masu gudanarwa ba. Za ka iya ganin sunan uwargida da 'ya'ya a matsayin daraktoci alhali ba su taɓa taka masana'antar ba.

LinkedIn yana da amfani ga manyan kamfanoni da waɗanda baƙi suke gudanarwa, amma a kamfanonin gida da ƙyar za ka sami mutum biyu. Idan za ka gwada, ka rubuta muƙamin yadda su suke rubuta shi a can, tare da sunan kamfanin ko irin sana'arsa da garinsa:

```
("Procurement Officer" OR "Factory Manager") AND "rice mill" AND Kano
```

Duk sunan da ka samu ta nan ka ɗauke shi a matsayin zato, domin mutane sukan bar aiki su manta ba su gyara shafinsu ba. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce kada a rubuta suna a matsayin tabbatacce sai an ji shi daga majiya biyu da ba su haɗu ba, misali daga takardar CAC da kuma bakin wani mai kawo musu kaya.

Waɗannan masu kawo kayan su ne majiya mafi daraja da za ka samu. Mai sayar musu da zaren ɗinki, da makanikin da yake gyara musu sikeli, da dillalin shanshera, da mai kawo dizal, dukkansu sun riga sun bi hanyar da kake nema, sun san wanda yake karɓar samfur da wanda yake sa hannu a cek da kuma kwanakin da ake ɗauka kafin a biya. Ba kishiyoyinka ba ne, don haka babu abin da zai hana su faɗa maka, musamman idan kai ma kana da sunan da za ka ba su a wani wurin. Shi ma mai gadin da kake ganin shi ne katangarka, majiya ne idan ka canza abin da kake nema a wurinsa. An umarce shi ne da ya tare masu cewa suna son ganin manaja, amma ba a hana shi amsa gaisuwa ba. Ka gaishe shi da girmamawa, ka ce masa, "Baba, buhu muke yi, wa yake karɓar buhu idan an kawo, kuma da wane lokaci ya fi samun sarari?" Wanda ya dawo washegari yana ambaton sunan mai sito ba baƙo ba ne kamar na jiya.

Bari in bi da kai ta cikin misali guda daga farko zuwa ƙarshe. A ce ka ga wani tambari a Singa, buhu mai kilo 50 da mai kilo 25, kuma masu shago biyu sun ce maka ɗinkin gindinsa yana saki. Adireshin ya kai ka wata masana'anta a kan hanyar Zariya, direbobi suka ce ana loda mota huɗu zuwa biyar a mako, wato buhu 2,400 zuwa 3,000, kimanin 10,000 zuwa 12,000 a wata, adadin da ya faɗa daidai cikin ma'auninku. Binciken CAC ya nuna lambar RC da daraktoci uku masu sunan mahaifi ɗaya, ka gane kamfanin gida ne. Mai gadi ya haɗa ka da mai sito, shi kuma ya gaya maka cewa daga Legas ake kawo musu buhu, cewa kaya yakan yi mako uku a hanya, kuma sun taɓa tsayar da lodi saboda buhu ya yanke. A nan ka sami abin da za ka sayar, wato kusanci da saurin kawowa, ba arha ba. Sai ka yi masa tambayar da ta fi kowace tambaya amfani a wannan aiki: "Lokacin da kuka koma wurin masu kawo muku na yanzu, yaya aka yi, wa ya kawo maganar, wa ya gwada samfur, wa ya amince?" Idan ka tambayi mutum ko shi ne mai yanke hukunci, girman kai zai sa ya ce e, ko tsoro ya sa ya ce a'a. Idan kuwa ka tambaye shi labarin sayen da ya gabata, zai jero maka sunayen da kansa ba tare da ya ji an rage masa daraja ba. A misalinmu, a ce amsar ita ce manajan masana'anta ne ya gwada, ɗan mai kamfanin na biyu ne ya daidaita farashi, Alhaji kuma ya sa hannu. To ka san cewa samfur wurin manaja zai je, takardar farashi kuma da sunan ɗan za a rubuta ta, Alhaji kuwa gaisuwa ce tasa har sai waɗancan biyun sun gamsu.

Akwai wani abu na musamman ga sana'arku da ya kamata ka tambaya tun da wuri, wato maganar silindar buga tambari. Buhu mai sheƙi da hoto ana buga ledarsa ne da silinda da ake sassaƙawa, kowace kala da tata, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Idan silindar tana hannun mai kawo musu na yanzu, komawa wurinku yana nufin sabon kashe kuɗi, kuma wannan yakan ɗaga hukuncin daga teburin jami'in saye zuwa na mai kamfani. Shi ya sa ƙofar shiga mafi sauƙi ita ce buhun dusa da na tsakin shinkafa, waɗanda ba su buƙatar zane mai tsada kuma ƙaramin jami'i yana iya amincewa da su, ko kuma lokacin da kamfani zai fito da sabon tambari ko sabon girma kamar kilo 10 da kilo 5, inda dole ne a yi sabuwar silinda ko da wa za a ba aikin. Irin waɗannan sauye-sauye, tare da kafa sabon inji, da zuwan sabon manaja, da gabatowar azumi da ƙarshen shekara lokacin da odar rabon shinkafa take yawaita, su ne suke ɗaga kamfani daga jerin jira zuwa goman farko.

Za ka gane cewa kana magana da wanda ba shi da iko ta alamomi bayyanannu. Yana karɓarka hannu bibbiyu kullum amma bai taɓa tambayar ka nauyin buhu da giram ba, ko mafi ƙarancin oda, ko sharaɗin biya. Yana cewa "ka kawo takarda za mu duba" sau uku ba tare da ya ambaci rana ba. Idan ka nemi ya haɗa ka da wani sai ya kauce. Mai iko na gaskiya yakan yi maka tambayoyi masu tsauri, yakan ƙi farashinka, yakan ce a kawo buhu ɗari biyu a gwada a kan inji ranar kaza. Idan ka fahimci ka maƙale a wurin marar iko, kada ka tsallake shi a ɓoye, domin zai ji, kuma ko da ba zai iya ba ka oda ba yana iya cewa samfurinka ya fashe. Ka nemi ya raka ka, ka ce masa kana son ku gabatar da sakamakon gwajin tare a gaban manaja, ta yadda yabon zai zama nasa.

Wani jami'in kuma zai nuna maka a fakaice cewa sai an ware masa kaso a kan kowane buhu. Ina ba ka shawara da babbar murya ka ƙi, ko da cinikin zai tafi. Ban da kasancewarsa haramun da cin amanar mai dukiya, cinikin da aka gina a kan haka yana rushewa ranar da aka canza jami'in, kuma idan mai kamfani ya gano, sunan kamfaninku ne zai zagaya a tsakanin masu masana'antu, waɗanda suka san juna fiye da yadda kake zato. Haka nan ka kiyaye yadda kake amfani da lambobin waya. Idan wani ya ba ka lambar manaja, ka nemi izinin ambaton sunansa, ka fara da gajeren saƙo na gabatar da kai a lokacin aiki, kada ka jefa mutum cikin zauren WhatsApp na talla ba da yardarsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla, don haka wanda ya ce ka daina turo masa saƙo, ka daina, ka kuma rubuta hakan a jadawalinka.

Game da wasiƙun da ka riga ka kai, ka bar su. Idan ka gama tantance goman farko, ka sake rubuta wa kowane ɗaya wasiƙa mai shafi guda da sunan mutumin da ka tabbatar, ka ambaci girman buhun da suke amfani da shi da matsalar da ka ji daga sitonsu, ka haɗa da samfur biyar da takardar farashi mai nuna mafi ƙarancin oda da kwanakin kawowa da harajin VAT a fili, sannan ka miƙa ta hannu da hannu ta wurin mai siton da ya riga ya san ka. Kowace Juma'a ka zauna da jadawalin na awa ɗaya, ka gyara sunan wanda ya bar aiki, ka sabunta ƙiyasin motoci, ka sauke kamfanin da ka ziyarta sau huɗu ba tare da an karɓi samfur ba zuwa jerin jira, ka ɗauko wani daga rukuni na biyu ya maye gurbinsa.